Yadda na gyara lissafin waɗanda za su faɗi ƙasa da maki 40

Alhamdulillah, lissafin ya daidaita. Makin ɗalibai 300 ne, rarrabuwarsa mai siffar ƙararrawa, an rubuta N(58, 144), ana son yiwuwar ɗalibi ya samu ƙasa da 40. Na rubuta wannan a Excel:

```
=NORM.DIST(40,58,144,TRUE)
```

Ya ba ni 0.4503, wato kusan rabin ɗaliban. Hankali bai ɗauka ba, tunda matsakaicin maki 58 ne.

Na mai da TRUE zuwa FALSE, sai 0.0027 ya fito. Wannan tsayin lanƙwasar ne a daidai 40, ba yiwuwa ba ce. Na mayar da TRUE.

Ashe matsalar 144 ce. A rubutun N(μ, σ²), lamba ta biyu murabba'in sigma ce, alhali gurbin da Excel ya kira standard_dev sigma kanta yake nema. Tushen 144 shi ne 12.

Da hannu na fara tabbatarwa: z = (40 − 58) / 12 = −1.5. Ma'ana 40 na ƙasa da matsakaici da sigma ɗaya da rabi. Teburina ba shi da z mai alamar ragi, don haka na duba 1.5, na samu 0.9332, na cire daga 1, saura 0.0668. Sannan:

```
=NORM.DIST(40,58,12,TRUE)
```

Amsa ɗaya, 0.0668. Ɗalibai kusan 20 ke nan cikin 300, inda kuskuren ya nuna 135.