Yadda ake gyara numfashi da ɗaurin leɓe a farkon koyon busa turampet

Turampet ba ta da wani abu a cikinta da ke yin sauti da kansa. Bututun tagulla ne mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi da aka naɗe, da bawul uku da ake dannawa da yatsu don sauya sauti, da ɗan ƙarfen nan mai kamar ƙoƙo da ake ɗorawa a baki. Leɓen mai busa ne ke kaɗawa idan iska ta ratsa tsakaninsu, bututun ya karɓa ya ƙara masa amo. Haka kakakin fadar Sarkin Zazzau yake, haka begilar 'yan fareti take. Saboda haka idan sauti ya ƙi fita, wuri biyu ake fara dubawa: iskar da ke tahowa, da leɓen da ke tarbarta. Sabon ɗan koyo kuwa wuri na uku yake nufa, wato ƙarfin hannu, ya danna ƙoƙon a baki har ya ji ƙarfe a haƙoransa. Yawancin matsalolin wata ukun farko daga wannan dannawar suke tasowa.

Kafin komai, tabbatar da lafiyar turampet ɗin. Na makarantu da na ƙungiyoyin matasa sun ratsa hannuwa da yawa. Kowane bawul yana da lambarsa, 1, 2, 3, kuma na ɗaya shi ne na kusa da baki. Idan an musanya su wajen sa mai, ko wani ya juya bai zauna daidai ba, iska za ta toshe. Duba kuma maɓallin zubar da ruwa, domin idan toshiyarsa ta cinye, iska na zurarewa ta nan, sauti ya fito da huci ko da gwani ne ya busa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka miƙa wa wanda ya iya ya gwada. In ta yi kyau a bakinsa, to aikin naka ne.

Mataki na farko: shaƙar iska, ba tare da turampet ba

Tsaya gaban madubi, ko ka zauna a bakin kujera ba tare da jingina ba. Ɗora tafin hannu ɗaya a cibiya, ɗayan a gefen haƙarƙari. Buɗe baki kamar za ka ce "o", ka shaƙi iska kana ƙirga huɗu a zuci. Abin da ake so shi ne ciki ya turo hannunka waje, haƙarƙari ya buɗe ta gefe, kafaɗu kuma su zauna inda suke. Idan ka ga kafaɗu sun haura wajen kunne, ko ka ji maƙogwaro yana ƙara lokacin shaƙa, saman huhu kawai ka cika, kuma ka riga ka ɗaure wuya tun kafin ka fara.

Za ka ji masu koyarwa suna cewa a busa da ciki. Gaskiyar da ke ƙarƙashin maganar ita ce, akwai faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, aikinta shaƙa ne: tana sauka ƙasa, huhu ya cika, shi ya sa ciki ke turowa. Wajen fitarwa kuwa tsokokin ciki da na haƙarƙari ne ke tura iskar. To wasu sai su ɗauka ana nufin a sandarar da ciki kamar mai jiran naushi. Wanda ya yi haka maƙogwaronsa ma zai rufe, fuska ta yi jawur, jijiyoyin wuya su tashi, sauti ya fito a shaƙe. Turawa ake so a hankali ba yankewa, ba ƙanƙamewa ba.

Ga gwajin da ke nuna ko turawar tana nan. Manna 'yar takarda a bango, ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga gare ta, ka hura, ka sake ta. Iskar kaɗai za ta riƙe ta. Daƙiƙa uku ko huɗu sun isa da farko. In ta faɗi nan take alhali iska ba ta ƙare maka ba, hurawar ce ke rawa. Yi sau biyar ka dakata. Da zarar ka ji jiri, zauna ka yi numfashinka na yau da kullum har ya wuce, yawan shaƙa da fitarwa a jere ne ke kawo shi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: kada ka riƙe iska tsakanin shaƙa da busa. Shaƙa, juya, busa, duk tafiya ɗaya. Mai cika huhu ya tsaya yana gyara baki, da maƙogwaro yake tare iskar, kuma sautinsa na farko kullum fashewa yake yi.

Mataki na biyu: ɗaurin leɓe

Ce "im", ka bar leɓen a yadda suka haɗu, ba a turo su gaba ba, ba a naɗe su ciki ba. Haƙoran sama da na ƙasa su ɗan rabu, kamar kaurin tsinken ashana biyu ko uku. Sai ka ƙarfafa kusurwoyin baki biyu su kama haƙora, haɓa ta miƙe sumul. Tsakiyar leɓe kuwa a bar ta da laushi, don ita ce mai kaɗawa. Ka ɗauki bakin kamar bakin jaka mai zare: gefe-gefe ne ke tattarowa zuwa tsakiya, ramin ya ƙanƙance ba tare da an ja shi ba.

Nan ne ɗan Zariya ke da tarko na musamman. Ya tashi yana ganin mai algaita a hawan sallah da kumatu a cike tim, sai ya zaci haka ake busa kowane abu. Mai algaita yana da dalilinsa. Haki ne ke kaɗa masa a cikin baki, ba leɓe ba, kuma yana tara iska a kumatu ne don ya shaƙi wata ta hanci ba tare da sauti ya yanke ba. A turampet, kumatu na kumbura kusurwoyin baki za su saki, ramin leɓe ya buɗe fiye da kima, sauti ya zube. An yi gwanayen duniya masu busa da kumburarren kumatu, amma ɗan koyo bai da abin da zai ci a wannan hanyar.

Kuskure na biyu shi ne murmushi. Mutum yana neman sauti na sama sai ya ja baki baya, leɓe ya yi siriri. Zai samu sautin a ranar, amma ya rage naman da ke tsakanin ƙarfe da haƙori, kuma sautin zai fito siriri mai tsini.

Jiƙa leɓe kaɗan, ka ɗora ƙoƙon a tsakiya, kusan rabi a sama rabi a ƙasa. Ɗan karkata gefe saboda yanayin haƙora ba laifi ba ne. Abin da ba a so shi ne bakin ƙoƙon na sama ya zauna a kan jan naman leɓe. Ya hau kan fatar da ke samansa. Idan ƙoƙonka an rubuta 7C a jikinsa, shi ne wanda aka fi bai wa masu farawa, kada ka ɓata kuɗi neman wani tukuna.

Mataki na uku: daga C zuwa G ba tare da dannawa ba

Ba tare da taɓa bawul ko ɗaya ba, turampet tana ba da C na ƙasa, da G a samansa, da wani C a sama, wato do, so, do. A turampet ta B♭ da kowa ke farawa da ita, leɓe na kaɗawa kusan sau 233 a daƙiƙa a C na ƙasa, a G kuma kusan sau 349. Hawa sama ke nan yana nufin leɓe ya ƙara saurin kaɗawa, kuma abin da ke kawo hakan shi ne iska mai sauri ta ƙaramin rami. Dannawa ma tana kawo shi, shi ya sa take yaudara, sai dai tana matse jini daga leɓen.

Ɗauki misalin yaro ɗan shekara 14 a badujalar wata makaranta a Tudun Wada. C yana fita lafiya. G yana fita a minti goman farko, daga nan sai huci, sai kuma shiru. Ya sauke turampet, ga zobe ja ya kwanta a leɓen sama, wani lokaci har da shatin haƙori ta ciki. Ɗan zobe da ke ɓacewa cikin minti ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Wanda ke daɗewa, da kumburi ko mutuwar leɓe, shi ne shaidar dannawa. Duba hannunsa na dama: ƙaramin yatsa yana cikin ƙugiyar da ke kan bututu yana jawo turampet zuwa fuska. Duba kafaɗu: suna tashi a kowace shaƙa. Iskarsa ba ta isa ba, hannu ke cike gibin.

Gyaran yana bin wannan tsari. A cire yatsan daga ƙugiya a ɗora shi a samanta, hannun hagu kaɗai ya ɗauki nauyi. Ya shaƙa cikin ƙirga biyu, ya busa C da harshe yana cewa "tu", ya riƙe ƙirga takwas da matsakaicin ƙarfi. Kunne ya bi ƙarshen sautin, domin a nan asiri ke tonuwa: in ya yi ƙasa ko ya fara rawa a ƙirga shida, turawar ciki ta saki. Ya sauke turampet daga baki ƙirga takwas, ya sake. Idan C ya zauna, sai ya fara shi da "ta", a tsakiya ya mai da shi "i" ba tare da sake buga harshe ba. Bayan harshe zai ɗaga, hanyar iska ta ƙuntata, iska ta ƙara gudu, kusurwoyin baki su ɗan ƙara kamawa, G ya faɗo da kansa. In bai zo ba, kada a bi shi da ƙarfi. A koma C, a hau sauti ɗaya bayan ɗaya ana danna bawul: D da 1 da 3, E da 1 da 2, F da 1, sannan G a buɗe. Malamin badujala mai ido yakan tsaya gefe ya ce, "Yaro, sake hannun nan, ƙara iska," kuma sau da yawa iyakar darasin ke nan.

A makon farko na gyara sautin yakan ƙara muni, don an ƙwace wa leɓe abin da ya saba dogara da shi. Gajiya kuma za ta koma kusurwoyin baki, har su yi zafi-zafi. Wannan gajiyar ce ake nema. Ciwo a tsakiyar leɓe kuwa alamar a tsaya ne. Minti 15 sau biyu a rana, ana hutawa daidai tsawon busawa, ya fi awa guda a jere ranar Asabar. C na sama a bar shi sai G ya zauna ƙirga takwas ba huci, ba zobe.

Sai batun hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Zariya tana busar da leɓe har ya tsage, busasshen leɓe kuma ba ya kaɗawa da sauƙi, abin da ke mai da ɗan koyo ga dannawa ba tare da ya lura ba. Sha ruwa sosai, shafa man kaɗanya da dare da kuma bayan busa, amma goge shi kafin ka ɗora ƙoƙo don kada ya riƙa zamewa. Da sanyin safiya dumama ƙoƙon a tafin hannu ko a aljihu. Idan leɓe ya tsage har da jini, ajiye turampet ka yi aikin numfashi da takarda kawai har ya warke. In kuwa turampet ɗaya kuke karɓa-karɓa da wasu, wanke ƙoƙon da sabulu da ruwan ɗumi kafin ya hau bakinka.