Sifilin gaban lambar rajista: inda aka fi yin kuskure a Excel

A ce makaranta ta tsayar cewa lambar rajistar kowane ɗalibi za ta zama mai lambobi biyar. Ka buga 00045 a Excel, kana danna Enter sai ta koma 45. Dalili shi ne Excel ya ɗauke ta adadin lissafi, sifilin gaba kuwa ba ya ƙara wa adadi komai. Alhali lambar rajista suna ce, ba a tara ta, ba a raba ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gyaran da ido kaɗai yake gani. Mutum ya shiga Format Cells, ya zaɓi Custom, ya rubuta 00000. Nan take 00045 ta bayyana, hankalinsa ya kwanta. Amma danna gidan ka dubi sandar fomula da ke sama, 45 ce har yanzu. Idan takarda kawai za ka buga, wannan ya wadatar. Ranar da ka zo haɗa lambar da ke gidan A2 da shekarar shiga, da `="2024/"&A2`, abin da zai fito shi ne 2024/45. Don sifilin ya zauna da gaske, rubuta wannan a B2, ka ja shi ƙasa:

```
=TEXT(A2,"00000")
```

Sannan ka kwafe jerin B, ka mayar da Paste Special, Values, don kada sakamakon ya lalace in an goge jerin A. Gwada da `=LEN(B2)`, dole ka ga 5.

Wasu kuma sai sun gama shigar da lambobi suke mayar da jerin zuwa Text. Sifilin da ya tafi ba zai dawo ba. Kafin a fara bugawa ake yi.

A yi hattara da `=RIGHT("00000"&A2,5)`. Tana aiki, amma in lamba mai shida ta shigo, kamar 100045, za ta sare kanta ta ba ka 00045 ba tare da gargaɗi ba, ɗalibai biyu su tashi da lamba ɗaya. TEXT ba ta yin haka, tana barin doguwar yadda take, LEN kuma ta tona ta.

In VLOOKUP ta dawo da #N/A alhali kana ganin lambar a takardun biyu, yawanci ɗaya rubutu ce, ɗaya adadi. Bi da duka ɓangarorin ta TEXT, su zama iri ɗaya.

Saura fayil ɗin CSV. Danna shi sau biyu yana iya zubar da sifilin tun wajen buɗewa, in kuma ka adana a haka, ka rubuta ɓarnar a kan na asali. Shigo da shi ta Data, From Text/CSV, Transform Data, ka mayar da jerin lambar rajista Text, ka zaɓi Replace current in ya tambaye ka, sannan ka danna Close & Load.