Yadda Ake Filank: Sakan 20 Ya Ishi Mai Farawa

Filank shi ne motsa jikin da ake dogarawa a kan damtsen hannu da yatsun ƙafa, jiki ya miƙe sambal, a tsaya cak. Aikinsa ƙarfafa naman ciki da na kewayen ƙugu, waɗanda ke riƙe ƙashin baya. Shi kaɗai ba ya narkar da tumbi.

Shimfiɗa tabarma ko bargo, don siminti na cin gwiwar hannu. Yi rub da ciki, ka kafa gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa. Sai ka kafa yatsun ƙafa, ka ɗaga jiki har kai da baya da diddige su hau layi guda. Matse ɗuwawu, ka ɗaure ciki kamar wanda ke jiran naushi. Ido na kallon ƙasa, ɗan gaba da hannuwanka kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙugu ya lotsa ƙasa. Da zarar ciki ya gaji, sai ya sakar wa ƙasan baya nauyin, mutum kuma bai sani ba, yana can yana ƙirga lokaci. Alamar ita ce gajiyar ta bar ciki ta koma tsatso. Ka ji haka, sauke gwiwa, zagayen ya ƙare ko agogo bai cika ba. Wasu kuma sama suke turo ƙugu, saboda ya fi sauƙi, sai aikin ya koma kafaɗa. Jingina waya a gefe ta ɗauke ka bidiyo, za ka ga abin da jikinka ke ɓoye maka.

Kada ka riƙe numfashi, domin yana sa jini ya hau na ɗan lokaci. In ba ka iya furta kalma biyu, ka danne shi ke nan. Mai hawan jini, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki a ciki su fara tuntuɓar likita.

To, tsawon wane lokaci? Fara da sakan 10 zuwa 20, sau uku, da hutun sakan 30 a tsakani, kwana uku a mako. Farfesa Stuart McGill, masanin ƙashin baya da ya koyar a Jami'ar Waterloo a Kanada, ya fi son riƙon sakan 10 da ake maimaitawa a kan dogon riƙo guda. A ce ƙugunka na faɗuwa a sakan 18: tsaya a 15, ka ƙara biyar bayan mako guda idan duka ukun sun fita ba lotsawa. In ko sakan 10 ya gagara, yi shi gwiwa a ƙasa.

Burin farko sakan 30 ne, jiki a miƙe, numfashi na tafiya. Ka kai minti ɗaya, ƙarin lokaci ba ya ƙara wani abin kirki. Gara ka ɗaga ƙafa ɗaya, ko ka koma filank na gefe, wato ka juya gefe ka dogara a kan damtsen hannu ɗaya.