Yadda ake rubuta ribar canji ko asararsa idan an sayar da kaya da dala

Mu ɗauki ɗan kasuwa a Kano da ya tura riɗi zuwa Turkiyya, ya rubuta wa mai saye takardar neman biya, wato inbois, ta dala 20,000. Littafinsa da naira yake, kuɗin kuma ba za su zo ba sai bayan watanni. Farashin canjin da ke nan ƙasa duk na misali ne.

Da farko ka tsayar da ranar ciniki. Ita ce ranar da kaya suka zama na mai saye bisa yarjejeniyarku, kuma zai fi maka sauƙi kwanan watan inbois ya dace da ita. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 21 ta ce da farashin canjin wannan rana ake shigar da ciniki. Idan dala tana kan naira 1,500 a ranar, ka rubuta cinikin naira 30,000,000, ka kuma rubuta cewa kana bin mai saye dala 20,000, daidai da wannan adadi. Daga nan kada ka ƙara taɓa adadin cinikin, ko dala ta tashi ko ta faɗi.

To, farashin ina za a ɗauka? Farashin 'yan canji na Wapa daban, na banki daban. Ni dai shawarata ita ce ka riƙe wanda Babban Bankin Najeriya ke wallafawa a shafinsa, ko na bankin da kuɗinka ke bi ta cikinsa, domin su ne ake iya kawo shaidarsu a rubuce idan mai binciken littafi ko jami'in haraji ya tambaya. Ka zaɓi ɗaya ka dawwama a kai, ka buga shafin ranar ka haɗa da inbois. Wanda yake ɗaukar na banki yau, gobe na 'yan canji, riba ce ta ƙarya zai riƙa gani a littafinsa.

Sai ranar biya. A ce mai saye ya turo dala 12,000 a watan Nuwamba, dala tana kan 1,540. Abin da ya shigo ya kai naira 18,480,000, alhali a littafi wannan kaso na bashin naira 18,000,000 ne. Ka rage bashin da 18,000,000 kawai. Ragowar 480,000 ka kai ta wani layi na daban mai suna ribar canji ko asararsa. Dalilin raba su shi ne ba riɗi ne ya kawo wannan kuɗi ba, naira ce ta sauka. Idan ka cakuɗa su, za ka ɗauka sana'ar tana kawo abin da ba ta kawowa, har ka sayi kayan baɗi da tsada.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne ƙarshen shekara. Saura dala 8,000 ba a biya ba, ga 31 ga Disamba ta zo, dala tana kan 1,520. Dole a sake auna bashin da farashin wannan rana: ya tashi daga 12,000,000 zuwa 12,160,000. Ka rubuta ribar canji ta 160,000, amma ka sani ba ta shigo hannu ba tukuna, don haka kada a raba ta. Idan aka biya a watan Janairu dala ta sauko 1,470, naira 11,760,000 ke nan. Da 12,160,000 za ka gwada, ba da 12,000,000 ba, sai asarar sabuwar shekara ta zama 400,000.

Idan banki ya cire ladansa a hanya, misali dala 40, wannan cajin banki ne, a layinsa ake rubuta shi. Kuɗin kafin alƙalami kuwa da farashin ranar da aka karɓe su ake shigar da su, ba a sake auna su. Mai shigo da kaya lissafinsa juye yake: tashin dala asara ce gare shi, tunda shi ake bi. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya rubuta inbois da Yuro ba ya cikin wannan aiki, domin an ɗaure sefa da Yuro a kan 655.957, amma idan da dala ya rubuta, shi ma sai ya yi.

Don gane ko an yi kuskure, ka buɗe wa kowane mai saye gurbi biyu, na dala da na naira. Ranar da ya gama biya, dukansu su koma sifiri. Idan na dala ya ƙare amma na naira ya bar saura, akwai bambancin canjin da ba a kai layinsa ba, sai ka bi biyan ɗaya bayan ɗaya ka duba farashin da aka yi amfani da shi a kowanne.