Babi na Bakwai: Rage Jawabin da Aka Turo a Hoto Ya Koma Minti Biyar

Darasi na ɗaya: a fito da jawabin daga waya

Mu ɗauka za a yi taro a unguwarku, nan Ƙofar Marusa, hakimi zai zo, kuma ku aka ce ku yi magana a madadin jama'a kan rijiyar burtsatsen da ta lalace. Wani ya rubuta jawabin da hannu, ya ɗauki hotonsa, ya turo muku ta waya: hoto huɗu, kowane hoto shafi ɗaya. Mai gabatarwa kuma ya ce minti biyar kaɗai aka ba ku.

Hoto ba takarda ba ne. Ba a soke kalma a kansa yadda ake yi da fensir, kuma da kun buɗe shi da yatsu biyu don rubutun ya yi girma, sai ƙarshen layi ya ɓuya, ku rasa inda kuka tsaya. Sau da yawa ma hotunan ba sa zuwa a jere. To, ku fara da duba kalmar ƙarshe ta kowane shafi, ku ga ko ta haɗu da kalmar farko ta shafin da ke bin sa. In wani gefe ya yi dishi-dishi ko inuwar hannu ta rufe shi, kada ku yi cinke, ku ce a sake ɗauka a wurin haske.

Daga nan ku kai shagon kwamfuta a buga muku hotunan a takarda, ko ku kwafe su a littafinku, layi bisa layi yadda suke. Kwafewa ta fi wuya, amma tana sa ku san jawabin. Sai ku sa wa kowane sakin layi lamba a gefe: 1, 2, 3, har ƙarshe. Sakin layi shi ne tarin layukan da ke magana kan abu ɗaya kafin a bar fili a soma wani.

Darasi na biyu: karatu da murya, da agogo

Nan ne aka fi tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ku buɗe agogon wayarku, wurin da yake ƙidaya daƙiƙa. Ku miƙe tsaye. Ku danna, ku karanta jawabin da murya, irin muryar da na bayan aji zai ji, har ƙarshe. Sannan ku tsayar da agogo, ku rubuta mintin a saman shafi.

Da murya na ce. Karatun zuci ya fi na baki sauri nesa ba kusa ba, domin ido ba ya numfashi, ba ya sarƙewa a doguwar kalma, ba ya dakatawa jama'a su amsa sallama. Wanda ya bi jawabi da ido zai rantse minti biyar ne, ran taro kuwa yana tsakiyar shafi na uku za a miƙo masa 'yar takarda. Motsa leɓe ma ba karatu da murya ba ne. In kuna jin kunyar mutanen gida, ku shiga ɗaki ku tura ƙofa, amma dai murya ta fita. Ba laifi in kun yi gargada a karon farko, kowa da haka ya fara. Ku sake, ku ɗauki lokacin karo na biyu.

A misalinmu kowane shafi layi 25 ne, shafi huɗu layi 100 ke nan, kuma karatun ya ci minti 9. Wato kuna karanta kusan layi 11 a minti ɗaya. Kada ku auna kan minti biyar cif, ku auna kan huɗu da rabi, saboda gyaran murya, da lasifika mai shaƙewa, da amsa salati duk suna cin lokaci. Minti huɗu da rabi rabin tara ne, don haka layi 50 za ku bari, layi 50 su tafi. Wannan lissafin bakinku ne. Na maƙwabcinku zai iya bambanta, shi ya sa kowa sai ya auna nasa, da murya.

Darasi na uku: gano saƙon kafin a taɓa fensir

Ku kife takardar. Ku tambayi kanku: in mutanen nan za su koma gida da magana ɗaya tak, wacce ce? Ku faɗe ta a jimla ɗaya, ku rubuta. A namu: “Rijiyarmu ta lalace wata shida, muna roƙo a gyara ta kafin bazara.” In jimlarku ta ƙi ƙarewa, sai “kuma” da “sannan” take ta ja, ba ku gano saƙon ba tukuna.

Yanzu ku nemo inda wannan magana take a takarda ku ja mata layi. Kada ku yi mamaki in kun same ta can a sakin layi na 7, shafi na ƙarshe. Haka aka saba rubutawa, kuma shi ya sa mai yanke jawabi daga wutsiya yake yanke buƙatar da ta tara taron.

Ga yadda jawabin namu yake. Sakin layi na 1, basmala da salati da gaisuwar manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, layi 22. Na 2, tarihin unguwa, layi 18. Na 3, yabon wanda ya haƙa rijiyar, layi 10. Na 4, wahalar mata da yara wajen neman ruwa, layi 14. Na 5, wahalar dai, da wasu kalmomi, layi 12. Na 6, kuɗin da jama'a suka tara, layi 8. Na 7, roƙon, layi 8. Na 8, godiya da addu'a, layi 8.

Ku fara da manyan yanka. Na 2 ya tafi ɗungurum, hakimi ya fi ku sanin tarihin. Na 5 ya tafi, maimaici ne. Layi 30 ke nan. Na 3 ya koma layi 4, an rage 6. Gaisuwa fa a kula da ita: basmala da salati suna nan, hakimi a gaishe shi da cikakkiyar sarautarsa, sauran a haɗa su, “malamai, iyayenmu maza da mata, da dukan mahalarta”. Kada ku ambaci wasu manya da suna ku tsallake sa'o'insu; ko duka ko a dunƙule. Ta koma layi 8, an rage 14. Talatin da shida da sha huɗu, hamsin cif. Na 6 da na 7 ba a taɓa su, domin su ne hujja da buƙata. Sai ku ɗauko jimlar saƙon ku faɗe ta nan da nan bayan gaisuwa, ko da an katse ku an riga an ji.

Da fensir ake sokewa, layi ɗaya siriri, don a iya dawo da abin da aka cire.

Darasi na huɗu: sake aunawa

Kun soke, sai me? Ku miƙe, ku danna agogo, ku karanta da murya. Na sani wasunku za su ce ai lissafi ya riga ya nuna. Lissafi bai san inda harshenku yake sarƙewa ba. Kuma kada wanda ya ƙara sauri don ya cinye agogo. Jawabin da aka karanta kamar ana kora ba wanda ke fahimtarsa. In ya wuce huɗu da rabi, ku ƙara soke layi. Na gaji da ganin takarda cike da soke-soke babu minti ko ɗaya a rubuce a samanta. Wanda bai auna ba bai yi aikin ba.

Ku saurari mahaɗa kuma. In na 4 ya soma da “kamar yadda na faɗa a baya” alhali bayan ya tafi, ku goge wannan.

Darasi na biyar: kwafi mai tsabta

Ku kwafe abin da ya rage da manyan haruffa a shafi biyu ko uku, fuska ɗaya. Kada ku karanta daga waya ran taro, allo yana mutuwa, kira yana shigowa.

Aikin gida

Ku zo da jawabi ɗaya mai shafi huɗu, da lokacinsa na farko da na bayan ragewa a rubuce a sama. Za ku karanta a gaban aji, agogo yana hannuna.