Minti 40 a rana: kurakuran da suke cinye wahalar ma'aikacin biro

Duk farkon shekara, da kuma duk bayan babbar salla, sai wani daga cikin matasan biro ɗinmu ya zo mini da sabon takalmi a leda yana cewa, "Yaya, daga Litinin zan fara." Kafin wata ya ƙare takalmin ya koma ƙarƙashin gado, tumbin yana nan inda yake. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum goma, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ma'aikaci ne a unguwar Filato ta birnin Yamai, ina zaune a Yantala, ina fita gida kafin ƙarfe 8, ba na dawowa sai dab da magariba. Minti 40 ne kawai nake iya ƙwata a rana, kuma da su na sauko daga kilo 88 zuwa 79 a cikin shekara ɗaya, bayan na ɓata wata biyar a banza.

Kuskuren da ya cinye mini watannin nan biyar shi ne na zuba minti 40 ɗin duka a motsa jiki, na bar cikina a hannun sa'a. Kullum da asuba ina zagaya filin wasa na Seini Kunce, riga sharkaf da gumi, amma ma'auni bai motsa ba. Har na fara zargin ko jinina ne haka. Ranar da na gane, takarda da alƙalami na ɗauka na rubuta duk abin da ya shiga bakina daga safe zuwa dare. Wajen mai shayi da safe, kafe da madara da ƙwayar sukari 4. Kowace ƙwaya kusan giram 5 ce, ke nan giram 20, ban ma lissafa sukarin da ke cikin madarar gwangwani ba. Da hantsi mai gadinmu yana dafa shayi a bakin ƙofa, na ɗaya, na biyu, na uku, ban taɓa barin ko ɗaya ya wuce ni ba, rabona a ciki ya kai wani giram 20. Da rana kuma lemun gwangwani mai sanyi, wanda shi kaɗai yana ɗauke da wajen giram 35. Jimla giram 75, ba tuwo, ba shinkafa, abin sha kawai.

Giram ɗaya na sukari kalori 4 ne, ke nan kalori 300 nake kurɓewa a rana. Tafiyar sauri ta minti 40 ga mai nauyina ba ta ƙone abin da ya wuce 200 da ɗan wani abu. Ina ɗiban ruwa da kwando ke nan, kuma ina mamakin randa ba ta cika ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 50 a rana ga babban mutum, in ya sauka zuwa 25 ya fi. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, domin barcin asuba na wata biyar na sayar, na sayi lemu da shi.

Ban daina shayi ba, kuma ba na ce wa kowa ya daina. Wanda ya ce zai yanke komai rana ɗaya, ranar Alhamis za ka gan shi da kofi biyu. Abin da na yi shi ne na tsaya a shayi na ɗaya, mai ɗaci, na bar na biyu da na uku waɗanda sukari ya fi yawa a cikinsu. Kafen safe na sauke shi daga ƙwaya 4 zuwa 3, bayan sati biyu zuwa 2, yanzu ɗaya. Lemu na mayar da shi na ranar Juma'a kawai. Zoɓo da lemun tsamiya na cikin leda ma kada su ruɗe ka don an ce na gargajiya ne, masu sayarwa ba sa rowar sukari.

Daga nan ne na sake raba satina. Minti 40 sau 7 minti 280 ne, kuma kwana ɗaya cikakke na madafa ne. Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar tafiyar sauri, minti 40 kowace rana, ke nan 160, ya ɗan haura minti 150 da hukumar nan take so babban mutum ya samu a sati. Talata da Alhamis aikin ƙarfi a tsakar gida. Lahadi ba na motsa jiki, ni da uwargida muke shirya abincin da zan tafi da shi aiki. Tun daren Asabar take jiƙa wake, da safe a ɗora shi, a dafa ƙwai 6, a dafa zogale a matse, a yanka albasa da tumatir. Na kwana uku kawai muke sa wa a firigo. Na Alhamis a daskare shi, domin in wuta ta ɗauke tsawon yini a zafin Yamai, waken da ya kwana huɗu ba abin amincewa ba ne. Ranar Juma'a muna tashi da wuri, a gida nake ci.

Abincin ba wani baƙon abu a cikinsa. Da safe ƙwai biyu da rabin burodi, ko kunun hatsi da ƙuli-ƙuli. Da rana wake da ƴar shinkafa, ko dambun zogale, amma zogalen ya rinjayi tsakin. Da la'asar, lokacin da yunwa take kai mutum wajen mai fanke, ina da gujiya cikin tafin hannu ɗaya a aljihun tebur. Da dare tuwo malmala ɗaya kamar dunƙulen hannuna, miyar kuka ko kuɓewa da yawa, kifi ko nama kamar faɗin tafin hannu.

To, ku masu tsallake abincin rana kuna cewa "ina rage ƙiba", da ku nake. Me kuke ragewa? Ka wuni da shayi, ka dawo gida ido ya rufe, ka zauna gaban babban faranti da ƴan'uwa ka ci malmala uku, ka bi da fura mai sukari, ka kwanta. Abin da ka hana kanka da rana ka rama shi ninki biyu da dare, sannan gobe da asuba jiki ya yi nauyi ka kasa tashi. Ka ci da rana. In a faranti ɗaya ake ci a gidanku, ka ɗebi naka a kwano tun farko, a yi maka tsiya kwana biyu a saba. Mai ma haka: cokali babba ɗaya kalori 120 ne, kuma mai shinkafa da wake ta bakin titi in ba ka ce "ya isa, Hajiya" ba, ludayinta ba ya tsayawa a cokali biyu.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya kai ni asibiti, kuma shi ne har yau nake ganin yara suna yi raina yana ɓaci. Da na ga tafiya ba ta rage ni ba, tun kafin in gano maganar sukari, sai na ce gudu ne magani. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, na fara gudu bayan tashi daga aiki, a kan kwalta, da tsohon takalmin ƙwallo, kwana shida a jere. Mutumin da ya shekara goma a kujera. A rana ta huɗu ƙwaurina ya fara zafi ta ciki, na ce ai ciwon sabo ne. A ta shida, kusa da Gadar Kennedy, idona ya yi duhu, na zauna a gefen hanya kaina yana sarawa, bakina ya bushe ƙamas. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya miƙo mini ruwa yana cewa, "Ɗana, wa ya kore ka?" Likita ya ce ruwan jikina ne ya yi ƙasa, ƙwaurin kuma in huta masa. Sati shida ban taka da sauri ba, kuma a cikinsu na ƙara kilo biyu.

Ga yadda ake bambancewa, domin da na sani da ban kai can ba. Ciwon sabo yana cikin tsoka, ƙafa biyu duka, yana zuwa washegari, yana sauƙi in ka fara motsi, ya tafi cikin kwana biyu ko uku. Ciwon da yake wuri ɗaya, a kan ƙashi ko cikin gwiwa, yana ƙaruwa da kowane taku, wannan tsayawa ake yi. Saurin da ya dace kuma bakinka ne zai gaya maka: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai. In kalma biyu ba ta fita sai ka ja numfashi, ka wuce gona da iri. Ni yanzu bayan sallar asuba nake fita, in sha kofi biyu na ruwa kafin in taka. Fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske, in ya yi duhu kamar shayi ruwa bai isa ba. Wanda yake son gudu ya yi wata ɗaya yana tafiya tukuna, sannan ya riƙa gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likita kafin ya fara, kuma ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar motsa jiki ba abin daurewa ba ne.

Aikin ƙarfi kuwa yawanci watsar da shi ake yi, wai sai an biya kuɗin ɗakin motsa jiki. Kujera da bido biyu masu lita 5 sun ishe ni, tunda litar ruwa kilo ɗaya ce. Minti 5 na ɗumama jiki, sai in zauna kan kujera in tashi sau 12, in dafa ƙasa da hannu in sauka in taso sau 10, in sunkuya in jawo bido zuwa ƙugu sau 12, in huta minti ɗaya, in sake zagayen har sau uku ko huɗu. Wanda ƙasa ta yi masa wuya ya dafa bango. In sau 15 ya zama wasa, sai a ƙara nauyi.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon zance. Ɗaura leda a ciki don a yi gumi ruwa kawai yake fitarwa, kofi biyu ya mayar da shi. Hawa ma'auni kullum yana karya zuciya, sau ɗaya a sati da safe ya isa, kuma rabin kilo a sati ci gaba ne mai kyau. Shayin rage tumbi da ake talla a waya, yawancinsa gudawa yake sawa. Ranar da hunturu ya turnuƙe gari da ƙura, a yi aikin ƙarfi a ɗaki a bar titi. Da azumi ina rage tafiyar zuwa minti 20 bayan tarawihi. In taron aiki ko zaman makoki ya cinye maka Laraba, kada ka haɗa minti 80 ranar Alhamis don ramuwa, ka yi aikin Alhamis ɗinka da kujerarka da bidonka kamar yadda yake a tsari.