Yadda ake gane fim ɗin da ya fara tsami

Tsohon fim na asitet, wato naɗin roba mai ɗauke da hotuna da ake sawa a majigi, ba ya ɓoye ciwonsa. Zafi da laima ke sa shi fitar da sinadari mai tsami, tsamin kuma ya riƙa cin sa har ya ƙanƙance.

Da farko, sa safar hannu, ka buɗe gwangwanin fim ɗin a wuri mai iska. In warin tsami irin na binega ya buge ka, lalacewa ta kankama. Amma hanci kan makara.

Sai ka ɗora takardar gwaji ta A-D, mai auna tsami, a kan naɗin, ka rufe, ka bar ta kwana guda. Shuɗiya ce, in ta koma koriya, ciwo ya shiga, in ta zama rawaya, ya yi nisa.

Duba gefen fim ɗin. Ka ga ya yi lanƙwasa, ko farin gari ya fito a kansa? To kada ka kuskura ka sa shi a majigi, haƙoran injin za su yayyaga ramukansa.

Ware shi daga sauran, don tsamin na yaɗuwa. Ajiye shi a sanyi, wurin da babu laima. Sanyi ba ya warkarwa, jinkirtawa kawai yake yi, saboda haka a gaggauta kwafe hotunan zuwa kwamfuta.

In an rubuta NITRATE a gefensa, wani nau'in fim ne dabam mai saurin kama wuta, nisanta shi daga wuta, ka kira ƙwararru.